Duka Biyun Gaskiya Ne, Amma Ɗaya Aka Tambaye Ka

Duk lokacin da ɗaliban likitanci a nan Jos suka fito daga gwajin fiziyoloji, koke ɗaya za ka ji a bakinsu tun daga ƙofar ɗakin jarrabawa har bakin titi inda ake hawa keke: wai an ba su amsa biyu daidai a tambaya guda, an ce su zaɓi ɗaya. Wasu su ce mugunta ce. Wasu su ce sa'a ce kawai, idan ka rage zaɓi biyar suka koma biyu, sai ka yi bismillah ka cika wanda hannunka ya faɗa a kai. Na daɗe ina zama da ƙannenmu da ke shirin babbar jarrabawar nan mai haɗa anatomi da fiziyoloji da bayokemistiri, kuma ban yarda da ko ɗaya daga cikin maganganun biyu ba. A mafi yawan lokuta zaɓin biyu gaskiya ne dukansu, da gangan aka yi haka, kuma daidai ne a yi haka. Abin da zai raba su yana nan a rubuce cikin tambayar, sai dai ɗalibi ya riga ya bar tambayar a baya ya tsaya yana kallon zaɓuɓɓuka.

Tambayar da ke cewa a zaɓi amsar da ta fi dacewa ta sha bamban da tambayar gaskiya ko ƙarya. A tambayar gaskiya ko ƙarya, kowace jumla ita kaɗai ake aunawa. A wannan kuwa, jumla tana iya zama gaskiya tsantsa, ka buɗe littafi ka same ta kalma da kalma, amma ta zama amsar ruɗi, domin wata tambaya dabam take amsawa. Fiziyoloji ya fi sauran darussa jawo wannan, saboda jiki ba ya yin abu ɗaya a lokaci ɗaya. Jini ya zuba, zuciya ta motsa, jijiyoyi su tsuke, ƙoda ta riƙe ruwa, ƙishirwa ta taso. Duk suna faruwa. Mai tsara tambaya ba ya buƙatar ƙirƙirar ƙarya don ya ruɗe ka, gaskiyar da ke kusa da amsar ta ishe shi.

Bari in ɗauki misali guda in bi shi har ƙarshe, misalin da duk wanda ya yi hunturu a Jos ya san tushensa. Sanyi ya tsananta a watan Disamba ko Janairu, mutum ya shigar da kurfoti cike da garwashin gawayi ɗaki, ya rufe ƙofa da taga, ya kwanta. Ko kuma ya jawo janareta kusa da ƙofa don tsoron ɓarayi. Gawayin da ke ci ba tare da isasshiyar iska ba yana fitar da kabon monoksaid, wanda ake rubutawa CO, iskar da ba ta da wari ba ta da launi.

Ga tambayar kamar yadda za a iya kawo ta. An kawo wani mutum ɗan shekara 30 asibiti a sume, an same shi a rufaffen ɗaki da garwashi. Gwaji ya nuna Hb ɗinsa, wato himogilobin mai ɗaukar oksijin a jini, giram 15 a kowace desilita, PaO2 ɗinsa, wato matsin oksijin a jini, 95 mmHg, kuma kashi 50 cikin 100 na himogilobin ɗinsa yana haɗe da CO. Mene ne ya fi bayyana raguwar yawan oksijin da ke cikin jinin da zuciyarsa ke turawa jiki?

A. Faɗuwar matsin oksijin a cikin jini
B. CO ya mamaye guraben da oksijin ke kamawa a jikin himogilobin
C. Zanen rabuwar oksijin da himogilobin ya karkata hagu
D. Raguwar yawan himogilobin
E. Raguwar numfashi

Uku daga ciki labarin da kansa ya kashe su. An ce PaO2 95 ne, don haka A ta fita. An ce Hb 15 ne, D ta fita. Da numfashi ya ragu sosai, da PaO2 bai tsaya a 95 ba ga mai shaƙar iskar ɗaki, E ma ta bi su. Ka lura ba da ilimi mai zurfi aka cire su ba, da lambobin da aka ba ka ne. Wannan shi ne aikin farko, kuma ɗalibai da yawa suna tsallake shi don suna ganin lambobin ado ne. Mai tsara tambaya da ya san aikinsa ba ya sa lamba a banza. Kowace lamba an ajiye ta ne don ta rufe ƙofar wani zaɓi.

Saura B da C, kuma a nan ake tsayawa. Wata ƙanwarmu da ke aji uku ta taɓa ajiye biro a daidai wannan wuri ta ce da ni, "Yaya, don Allah duba, ai duka biyun CO ke yi. Yana kama gurbin oksijin, kuma yana karkata zanen hagu. Malam da bakinsa ya faɗa mana a aji." Na ce mata gaskiyarta, kuma ba wanda zai musa. CO yana kama himogilobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, kuma idan ya zauna a wasu daga cikin gurabe huɗu na ƙwayar himogilobin, sauran guraben sai su ƙara riƙe oksijin ɗinsu gam, wanda shi ne karkatar hagu a zanen da ke nuna yadda cikar himogilobin ke bin matsin oksijin. Sai na ce ta sake karanta mini jumlar ƙarshe da ƙarfi, ta faɗa mini abu guda da ake son a bayyana. Ta karanta, ta ce, "Yawan oksijin da ke cikin jinin da ya fito daga zuciya." Na ce to, ɗauki C ita kaɗai, ki yi kamar B ba ta duniya. Idan zanen ya karkata hagu kawai, ba a mamaye gurbi ko ɗaya ba, shin yawan oksijin a wannan jinin zai ragu?

Ba zai ragu ba. Karkata hagu na nufin himogilobin ya fi son oksijin, wato a huhu ma ya fi saurin cika. Shaida tana cikin jikin jariri a ciki: himogilobin ɗinsa ya karkata hagu, P50 ɗinsa, wato matsin oksijin da ke cika rabin himogilobin, wajen 19 zuwa 20 mmHg ne, na babba kuwa wajen 27, kuma wannan karkatar ce ke taimaka masa ya karɓi oksijin daga jinin uwa. Saboda haka C, duk da gaskiyarta, ba za ta iya haifar da abin da aka tambaya ba. B kuwa ita kaɗai ta isa. Ga lissafin, inda CaO2 ke nufin yawan oksijin a desilita ɗaya ta jini, SaO2 kuma kason guraben himogilobin da oksijin ya cika:

CaO2 = (1.34 × Hb × SaO2) + (0.003 × PaO2)

Ga lafiyayye mai Hb 15, kowane giram yana ɗaukar mililita 1.34, jimla kusan mililita 20 a desilita, sai ɗan abin da ya narke a ruwan jini, wajen 0.3. Idan CO ya cinye rabin gurabe, 20 ta koma 10. Wancan 0.3 bai motsa ba, domin PaO2 matsin oksijin da ya narke a ruwan jini yake aunawa, bai san abin da ke kan himogilobin ba. Amsa B ce.

Wannan gwajin, na ɗaukar zaɓi ɗaya shi kaɗai a tambayi ko zai iya haifar da abin da aka ambata, shi ne makamin da na fi amincewa da shi. Yana tilasta maka ka bar tambayar "wannan gaskiya ne?" ka koma "wannan ne sanadin wancan?" Kuma ba ya cin lokaci, daƙiƙa ashirin sun isa ga wanda ya saba.

Yanzu a bar labarin yadda yake, a bar zaɓuɓɓuka biyar yadda suke, a canza jumlar ƙarshe kawai. A ce: wata mata mai ƙarancin jini, Hb ɗinta giram 7.5, ta zo asibiti da ƙafarta tana kukan gajiya da haki idan ta hau tudu. Mene ne ya fi bayyana dalilin da ya sa mutumin nan ya suma alhali ita tana tafiya?

Ɗalibin da ya haddace cewa "tambayar gawayi amsarta B" ya faɗi tun kafin ya gama karantawa. A yi lissafin matar: 1.34 sau 7.5 ya ba da kusan 10. Yawan oksijin a jininta daidai yake da na mutumin. Shi an mamaye rabin gurabensa, ita rabin guraben ne babu, sakamakon a wannan ma'auni ɗaya ne. Abin da mutum biyu suka yi tarayya a kansa ba zai zama dalilin bambancinsu ba. Don haka B, wadda ta ci a tambayar farko, a nan ita ce amsar ruɗi. Bambancin yana wajen sakin oksijin ga jiki.

Mu bi shi da lamba. Jiki a zaune yana cire wajen mililita 5 daga kowace desilita ta jini. Lafiyayye ya fita da 20, ya dawo da 15, wato kashi 75 cikin 100 a cike, kuma matsin oksijin a jinin da ke komawa zuciya wajen 40 mmHg ne. Matar ta fita da 10, idan an cire 5 saura 5, rabin abin da himogilobin ɗinta zai iya ɗauka. Kafin himogilobin na yau da kullum ya saki rabin kayansa, sai matsi ya sauka zuwa wajen 27. Ya yi ƙasa, amma ana rayuwa da shi. Mutumin shi ma dole ya saki rabin 10 ɗinsa, amma da yake zanensa ya karkata hagu, himogilobin ba zai saki wannan rabin ba sai matsi ya faɗi ƙasa da 20. Matsin nan kuwa shi ke tura oksijin daga cikin ƙananan jijiyoyi zuwa cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na zuciya. Idan ya faɗi haka, turawar ta yi rauni, ƙwaƙwalwa ta fara kasawa. Kamar motocin dankali ne daga Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada: a wajen matar, rabin motocin ne suka taso, amma duk wadda ta iso tana sauke kaya. A wajen mutumin, motocin duka sun iso, rabin kowace cike da duwatsu, kuma direbobin sun ƙi kwance igiya a kan buhunan da suka rage. Amsa a nan C ce.

Na sauƙaƙa lissafin, na yi kamar zuciya ba ta ƙara aiki ba. A zahiri matar da ta daɗe da ƙarancin jini zuciyarta tana ƙara yawan jinin da take turawa, kuma sinadarin 2,3-BPG yana ƙaruwa a jajayen ƙwayoyinta ya karkata zanenta dama, sakin ya ƙara sauƙi. Wannan bai rushe amsar ba, ƙara faɗaɗa tazarar da ke tsakaninsu ya yi. Haka kuma CO yana kama mayogilobin na tsoka, yana kuma taɓa numfashin ƙwayoyin jiki kai tsaye. Da an sa wannan cikin zaɓuɓɓuka, da tambayar ta ƙara wuya, kuma da sai mai tsara ta ya ƙara bayani a labarin don ya raba su.

Labari ɗaya, zaɓuɓɓuka iri ɗaya, amsa biyu mabambanta. Wannan ne ya sa nake adawa da yadda ake karatun tsofaffin tambayoyi a yanzu. Kundi yana yawo a wayoyin ɗalibai daga aji zuwa aji, an zagaye amsa a kowace tambaya, ba a san wanda ya zagaye ba, ba a rubuta dalili ba. Ɗalibi ya kwana yana haddar haruffa. Idan malami ya canza jumla guda, haddar ta zama tarko. Ban ce a jefar da tsofaffin tambayoyi ba, ni ma da su nake koyarwa. Amma amfaninsu yana cikin zaɓin da bai ci ba. Duk tambayar da ka warware, ka ɗauki zaɓin da ya zo na biyu ka rubuta masa tambayar da zai zama shi ne amsarta. Idan ka kasa, ba ka fahimci dalilin faɗuwarsa ba tukuna, kuma ranar da aka juya tambayar za ka bi shi.

Wani zai ce wannan duk wasan jarrabawa ne, me ya haɗa shi da marar lafiya? Ya haɗa. Na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna oksijin, irin wadda aka saba gani a asibitocinmu, ba ta iya bambance himogilobin mai ɗauke da oksijin da mai ɗauke da CO. Mutumin nan na kwance a sume, na'ura tana nuna casa'in da wani abu. Likitan da bai taɓa raba matsin oksijin da cikar himogilobin da yawan oksijin a kansa ba, zai kalli lambar ya ce oksijin lafiya lau, ya tafi neman maleriya. Wanda ya sha wuyar B da C a aji uku zai tambayi 'yan uwa ko akwai gawayi ko janareta a ɗakin, ya sa masa oksijin tsantsa nan take, domin shi ke hanzarta korar CO daga kan himogilobin. Kuma kada a jira ganin haki: na'urorin jiki da ke gefen jijiyar wuya masu sa a ƙara numfashi matsin oksijin suke ji, shi kuwa bai faɗi ba, don haka ba sa yin ƙararrawa da wuri. Shi ya sa mutane ke wucewa cikin barci.

Tun da muna Jos, ga wani abu a gefe. Garin nan yana kan tsayin wajen mita 1,200 daga teku, matsin iska a nan kusan 660 mmHg ne, ba 760 na littafi ba. Idan ka yi lissafin iskar huhu da wannan lamba, za ka ga lafiyayye a Jos PaO2 ɗinsa ya fi kusa da 80 a kan 95. Wannan shi ne yanayin da zaɓi na A ke zama gaskiya: matsi ya sauka, himogilobin lafiya. Amma da yake saman zanen a shimfiɗe yake, cikar himogilobin tana nan wajen kashi 95, ba ma jin komai. Tudu yana taɓa matsi, ƙarancin jini yana taɓa yawan himogilobin, CO yana taɓa gurabe da saki. Wanda ya ajiye ukun nan a jere a kansa, tambayoyin oksijin da yawa sun zame masa tambaya ɗaya.

Akwai wani nau'in rabuwa da ba na sanadi ba, na lokaci. Matashi ya faɗi a babur, jini ya zuba da yawa, bugun zuciyarsa ya hau, hannunsa ya yi sanyi. Me ke riƙe matsin jininsa? Zaɓi ɗaya ya ce na'urorin jin matsi da ke jijiyar karotid da bakan awota, ɗayan ya ce tsarin renin da anjiyotensin da aldositeron. Dukansu suna aiki bayan zubar jini, ba mai musu. Amma na farko saƙon jijiya ne, cikin daƙiƙoƙi yake isa ƙwaƙwalwa ya dawo, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin fata da na hanji su tsuke. Renin sai ƙoda ta sake shi, ya yi aikinsa a jini, anjiyotensin ya samu, wannan mintuna ne. Aldositeron kuwa sai ya shiga ƙwayoyin ƙoda ya sa a ƙera sababbin furotin kafin a ga riƙe gishiri, wannan awanni ne. To idan labarin ya ce minti ɗaya bayan hatsarin, an gama magana. Idan ya ce washegari fitsarinsa ya yi kaɗan kuma gishirin cikinsa ya ragu, amsar ta koma ɗaya ɓangaren. Ko PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, haka yake: a mintunan farko yana nan daidai, domin ƙwayoyi da ruwan jini tare suka zuba, sai bayan awanni ruwa ya shigo daga tsakanin tsokoki ya tsarma jinin, lambar ta faɗi. Don haka duk inda ka ga lokaci a labari, ja masa layi kafin ka kalli zaɓi ko ɗaya.

A cikin wannan misalin akwai ƙaramin rami da ke cin mutane da yawa. Za a kawo zaɓi biyu, ɗaya ya ce saƙon na'urorin jin matsi ya ƙaru, ɗaya ya ce ya ragu. Ɗalibi ya ji a ransa cewa tunda suna aiki tuƙuru, saƙonsu ƙaruwa ya yi. Alhali miƙewar bangon jijiya suke ji. Matsi ya faɗi, miƙewa ta ragu, saƙonsu ya ragu, kuma raguwar ce ke sakar wa zuciya linzami. Maganin wannan shi ne a zana kibiyoyi a gefen takarda, mataki bayan mataki, daga abin da ya fara canzawa. Kai yana tsallake mataki, biro ba ya tsallakewa.

Abin da ba na so ko kaɗan shi ne dabarun da ake raɗa wa ɗalibai daren jarrabawa. Wai zaɓi mafi tsawo shi ne amsa. Wai idan ka rikice ka cika C. Wai duk zaɓin da ke da kalmar "kullum" ƙarya ne. Waɗannan suna aiki ne kawai a kan tambayar da aka tsara da sakaci, kuma malamin da ya san aikinsa ya san su fiye da ɗalibi, yana daidaita tsawon zaɓuɓɓukansa da gangan. Illarsu ta fi rashin amfaninsu: suna koya wa ɗalibi ya kalli siffar amsa a daidai lokacin da ya kamata ya koma kan ma'anar tambaya. Haka maganar nan ta cewa kada ka taɓa canza amsarka ta farko. Idan ka koma ka ga lambar da ka tsallake, ko ka lura an ce minti ɗaya ba kwana ɗaya ba, canza. Idan kuwa fargaba ce kawai ba sabon dalili, bar ta. Dalilin da za ka iya nunawa da yatsa a kan takarda shi ne ma'auni.

Dabara ɗaya da na yarda da ita ita ce rufe zaɓuɓɓuka da hannu. Karanta jumlar ƙarshe, karanta labarin, ka faɗa wa kanka amsa kafin ka ɗaga hannun. Wanda ya riga ya ce a ransa "gurabe ne aka mamaye" kafin ya ga jerin, karkatar hagu ba ta jan sa sosai idan ya gan ta, domin ya zo da abin da yake nema.

To amma adalci ya sa in juya kan masu tsara tambaya, domin ba kullum ne laifin na ɗalibi ba. Duk abin da na faɗa ya dogara ne a kan sharaɗi ɗaya: cewa an ajiye abin da zai raba zaɓin biyu a cikin tambayar. Akwai tambayoyin da ba a ajiye ba. A ce maka kawai "wane ne ke faruwa a gubar CO?" sannan a jera B da C tare. Ko a ce "me ke gyara matsin jini bayan zubar jini?" ba a faɗi lokaci ba. Irin wannan ba ta auna ilimi, tana auna ko ɗalibi ya iya karanta zuciyar malami. Kuma wanda ya fi sani shi ya fi cutuwa, don shi ne ya san cewa duka biyun gaskiya ne, wanda ya yi karatu sama-sama ya cika ɗayan da ya tuna ya wuce. Alamar tambaya mai lahani a bayyane take: idan an rufe zaɓuɓɓuka, malamin fiziyoloji ma ba zai iya faɗin amsa ba, sai ya ce "ya danganta".

Gyaran wannan ba ya buƙatar kuɗi. Kafin a buga takarda, wani malamin da bai rubuta tambayar ba ya amsa ta da zaɓuɓɓuka a rufe. Idan ya kasa, a ƙara lokaci, ko lamba, ko a fayyace abin da ake son a bayyana. Bayan an yi maki, a duba kowace tambaya a ga yadda ɗaliban da suka fi ƙoƙari a takardar gaba ɗaya suka amsa ta. Idan su ne suka taru a kan zaɓin da aka ce kuskure ne, alhali na ƙasa sun ci, to ko dai amsar da aka ajiye ba daidai ba ce, ko tambayar tana da amsa biyu. Lissafi ne da kwamfutar ofis ke yi cikin ɗan lokaci. Sannan bayan gwajin tsakiyar zango, a ware awa guda a zauna da aji a bi tambayoyin da suka fi kayar da mutane, a ce ga dalilin da ya sa C ta faɗi a nan. Na san amsar da ake bayarwa, cewa idan an tattauna tambayoyi za su fita, rumbun tambayoyi ya ƙone. Ai sun riga sun fita, suna cikin wayar kowa da amsoshin da ba a tantance ba. Gara su fita da dalilinsu. Tambayar da aka gina a kan fahimta, canza jumla ɗaya ya isa ya sabunta ta, kamar yadda muka gani da mutumin gawayi.

Idan kuwa kana cikin ɗakin jarrabawa ka haɗu da mai lahanin, ka yi gwajin ɗaukar kowane zaɓi shi kaɗai, ka nemi lokaci babu, ka nemi lamba babu, to kada ka ba ta fiye da minti ɗaya. Zaɓi wanda ya fi kusa da abin da aka ambata a jerin sanadi, wato wanda ba sai an bi ta wani mataki ba kafin ya haifar da shi, ko wanda tasirinsa ya fi girma idan an auna da lamba. Ka sa alama, ka wuce. Bayan an fito, ka rubuta tambayar yadda ka tuna ta, ka kai wa wakilin aji ya miƙa wa malamin cikin ladabi, tare da shafin littafin da ya nuna cewa zaɓin biyu duka suna tsaye, da roƙon a duba ta kafin a fitar da sakamako.